Lambar da Na Goge

Akwai wani malami da har yau idan na tuna shi sai na ji raina ya ɓaci, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiyarsa ce. Shi ya koyar da mu aikin ɗakin gwaji a kwaleji a Kaura Namoda, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Siririn mutum ne mai jan biro a aljihu, bai taɓa amsa gaisuwata da baki ba. Na riga na faɗi darasinsa sau ɗaya, kuma babana a Zurmi ya ce in na sake faɗuwa in tattaro kayana, gona tana jira.

Gwajin na auna saurin sauti ne a iska. Ana buga wani ƙarfe mai yatsu biyu, a riƙe shi a bakin bututu mai ruwa a ciki, a yi ta sauke ruwan har ƙarar ta cika kunne. A auna tsawon wurin da babu ruwa, a ƙara saukewa har ƙarar ta sake tashi, a sake aunawa. Tazarar biyun rabin tsawon zangon sautin ce. A ninka ta biyu, a ninka da yawan kaɗawar ƙarfen a daƙiƙa, sauri ya fito. Mun yi shi da azahar a watan Afrilu, rufin kwano yana gasa mu. Na samu santimita 16.3 da 50.9, ƙarfen kuma yana kaɗawa sau 512. Lissafi ya ba ni mita 354 a daƙiƙa.

To, muna da wata al'ada. Akwai tsohon rahoto da ake kira gado, wanda 'yan aji na sama suke bar wa na ƙasa, duk ya sha maiƙo. A shekararmu yana hannun abokin aikina, wani ɗan Shinkafi mai baki kamar reza. Gado ya ce 340. Ɗan Shinkafi ya dubi takardata ya yi dariya, ya ce kunnen Bazurme ai sai kukan jaki, in gyara kafin in ja mana. Na ji tsoro. Na goge 50.9 na rubuta 49.5, amsa ta sauka daidai kan 340.

Sauran duk daga gado na kwashe. Manufa layi shida. Kayan aiki, har da ma'aunin zafi da ban ko taɓa ba. Yadda aka yi, jadawali, lissafi, sakamako. A sashen ƙarshe, inda ake bayanin kurakurai, na rubuta abin da kowa ke rubutawa: kuskuren ɗan Adam.

Ranar da malamin ya dawo da rahotanni, nawa ya ɗaga a gaban aji. Ya bi shi sashe-sashe kamar mai fiɗa. Manufa jimla ɗaya ce, in ji shi, ba huɗuba ba. Yadda aka yi, abin da na aikata ake so, ni kuwa na rubuta umarni kamar ni ne littafin. Jadawalina babu santimita a kai, ko kamu nake nufi? Awo ɗaya tak, ban maimaita ba balle in fitar da matsakaici. Ya tambaye ni wane ɗan Adam ne ya yi kuskuren, kuma na santimita nawa. Da na ce gane daidai inda ƙarar ta fi tashi yana da wuya, ko idona bai daidaita da ruwan ba wajen karanta awo, da ya karɓa. 'Yan aji suna ta dariya, ɗan Shinkafi ya fi kowa.

Sai ya tambaye ni zafin ɗakin a ranar. Ban rubuta ba. Ya ce digiri arba'in ne, kuma sauti yana ƙara sauri idan iska ta yi zafi. 340 ta ƙasar sanyi ce, ko ta Kaura da asubahin hunturu.

"Kullum kuna ta kabbarar Shari'a," in ji shi, "ga shedar zur kun rubuto min da hannunku."

Ya ɗaga takardar wajen taga, inda gogewar ta bar sawu.

"Mi ka rubuta nan da farko?"

Na ce hamsin da ɗigo tara. Ya juya ya yi lissafin a allo, bai yi sauri ba, ya ja layi ƙarƙashin 354. Ya ce a duk ajin wannan ne kaɗai awon da ya dace da zafin ranar, kuma mai shi ya goge. Ya ba ni sifili. Masu kwafar gado tsantsa ma sifili suka samu, amma su suna da makin da zai ɗauke su, ni ba ni da shi.

Na bi shi ofis na roƙa. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce in ja masa ƙofa.

Damina ta same ni a Zurmi. Babana bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi min muna tsaye a bakin gona, ko karatun ne ya fi ƙarfina. Na so in ce e, don ya fi sauƙin faɗa. Na ce a'a, Baba, na samu daidai, na goge. Sai ya miƙo min fartanya.