Abin da na kankaro daga haƙorina

Ni dai tun ina makaranta nake da rawar kai, kuma ban daina ba da na kama aiki a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, na asibitin Matameye. Lokacin da abin nan ya faru, watana biyu ke nan da farawa. Duk abin da aka kawo, fitsari ne ko majina ko mugunya, jikina har ɓari yake in sa shi a madubin ƙara girma in ga me ke ciki. Abokan aikina suna cewa ko angon da ya ga amarya bai kai ni washe baki ba.

Aikin da na fi so shi ne rinin Gram. Za ka shafa ruwan a kan ɗan gilashi, ya bushe, ka ɗan gifta shi a wuta don ya kama. Ka zuba shunayya minti guda, ka ɗauraye. Ka zuba aidin minti guda, shi ne ke ɗaure shunayyar a jikin ƙwayar cuta. Sai alkol, ɗan lokaci kaɗan, sannan jan rini a ƙarshe. Ƙwayoyin da ke da kaurin bango suna riƙe shunayya. Masu siririn bango alkol ya wanke su, sai su fito ruwan hoda. Da launi da siffa likita ke fara hasashen wace cuta ce da kuma maganin da zai soma, kafin a samu tabbaci daga Zinder.

Wata Talata da hantsi aka kawo wata mata daga Dawce a amalanke. Gwiwarta ta hagu ta kumbura suntum, ga zazzaɓi. Uwar mijinta ce ta rako ta, wata Hajiya mai ido a kan komai. Tun a baranda na ji tana gaya wa mutane cewa ɗanta yana Aljeriya wajen neman kuɗi, shekara guda da rabi ke nan bai zo ba. Likita ya zuƙo ruwan gwiwar da allura, ya fito gurɓatacce kamar ruwan tsari, ya miƙo mini.

Majo, wato shugaban labo ɗinmu, ya tafi ta'aziyya Tsauni. Ni kaɗai ce. Wallahi daɗi na ji.

Na rina, na ɗiga man da ake sawa don a gani sosai, na leƙa. Ga fararen ƙwayoyin jini birjik, alamar mugunya. A tsakaninsu kuma ga ƴan ƙananan ƙwayoyi zagayayyu, ruwan hoda, wasu bibbiyu. Na ƙara leƙawa. Zagayayyu, bibbiyu, ruwan hoda, a ruwan gwiwar matashiya: abin da aka koya mana ke nan game da ƙwayar ciwon sanyi, wadda ake ɗauka ta saduwa, wani lokaci ta bi jini ta sauka a gaɓa. Ban taɓa ganinta a gwiwa ba sai a littafi. Nan take na cika takarda, na sa hannu da wata irin lanƙwasa ta isa.

Saura ƙiris in kai wa likita, sai son a yaba mini ya tsayar da ni. Na kafa wayata a bakin madubin, na yi ta gyara hannu har hoton ya fito, na aika wa malamata da ta koya mana wannan aiki a Zinder. Na rubuta mata: “Malama, ki ga abin da ɗiyarki ta kamo yau.”

Ba ta rubuto ba, kira ta yi.

“Kin kai takardar?”

“Yanzu zan kai, Malama.”

“Zauna tukuna. Matar aure ce?”

Na ce e, na ƙara da cewa mijin ya daɗe ba ya gari. Sai da maganar ta fita daga bakina na ji nauyinta. In na kai takardar nan, dole likita ya yi wa matar tambayoyin da ake yi, dole a nemi wanda za a yi wa magani tare da ita. Ga Hajiya zaune a bakin gado, ba ta ko zuwa alwala sai ta bar kunnenta a ɗakin. Kafin la'asar magana ta isa Dawce.

Malama ta ce, “Sake duba hotonki, can gefen dama. Me kika gani?”

Na buɗa hoton da yatsu. Wasu ƙwayoyi ne a cure, shida, takwas, kamar nonon dabino.

“Ƙwayar sanyi bibbiyu take zama, suna fuskantar juna kamar wake biyu, galibi a cikin farar ƙwayar jini. Naki kuwa zagayayyu ne sosai, kuma sun yi gungu. Siffa na cewa abu ɗaya, launi na cewa wani. Wane launi aidin ɗinki yake?”

Na waiga. Kwalbar tana kan taga inda rana ke dukanta tun kafin in kama aiki a nan, murfin ma ba ya rufuwa da kyau. Ruwan ciki ya koɗe kamar shayin da aka tafasa sau uku.

“Kin yi asuwaki yau?” in ji ta.

“Haba Malama.”

“Ko kin yi, akwai saura. Samo tsinke, ki kankaro dattin gindin haƙorinki, ki shafa a gilashi, ki rina da kayan nan naki. A bakin kowa akwai masu shunayya da masu ruwan hoda. In duk suka fito ruwan hoda, rininki ne ke ƙarya.”

Na kulle ƙofa don kar a gan ni ina sakace a wurin aiki. Na rina, na leƙa. Dogaye, gajeru, zagayayyu, duk ruwan hoda, ko ɗaya babu mai shunayya. Na yi tsalle ni kaɗai a ɗakin, har kujera ta faɗi. Aidin da ya mutu ba ya ɗaure shunayya, sai alkol ya kwashe ta daga kowa.

Da gudu na je wurin mai kula da sito, na tsaya masa a ka har ya tono sabuwar kwalba, ruwanta ja-wur mai duhu. Na sake shafa ruwan gwiwar a gilashi, na sa dattin haƙorina a ɗaya gefen. Ɓangarena ya fito gauraye yadda ya kamata. Na matsa zuwa na matar. Ga su nan, shunayya tsantsa, gungu-gungu. Irin ƙwayar da ke zama a fatar mutum ce, mai kawo maruru, wadda ke shiga ta rauni.

Na cika sabuwar takarda na kai wa likita har ina tuntuɓe. Ya karanta, muka je gadonta tare, ya tambaye ta ko ta ji ciwo a ƙafar. Hajiya ce ta amsa:

“Ai kaifin kututturen rake ne ya soke ta a fadama, kwana goma ke nan. Ni na sa mata toka da kaina. Yarinyar nan ba ta zama, likita, ita ke riƙe da gonar ɗana.”

Aka ɗaga zane, ga ɗan rauni ƙarƙashin gwiwa, ya yi baki. Likita ya zaɓi allurar da ta dace da wannan ƙwaya, aka wanke gaɓar, aka aika sauran ruwan Zinder. Bayan kwanaki sakamakon gwajin shuka ƙwayar da aka yi a can ya dawo daidai da abin da na gani a karo na biyu.

Da Majo ya dawo na ba shi labari ina haki. Nan take ya ɗauke kwalaben daga taga ya sa a kabad. Daga ranar, kowace safiya sai na rina gilashin gwaji kafin in taɓa na majiyyaci. Yanzu muna da ƙwayoyin gwaji na musamman, amma har yau akwai tsinke a aljihun rigata.

Ranar da aka sallame ta, tana ɗingisawa da sanda, Hajiya ta riƙe mata hannu. Suka tsaya a ƙofar labo, Hajiya ta ajiye mini rake sanda uku.

“Ke ce mai leƙen ruwan nan ko? Allah ya yi miki albarka, ɗiyata. An ce idonki ba ya kuskure.”

Na ce amin, na durƙusa na karɓa. Takardar farko tana nan a ninke cikin aljihuna, da sa hannuna a ƙasa.