Wanda Ya Ƙirga Sanduna

A shekarun da ake aikin dam a wajenmu, na yi koyarwar lissafi a Karaye, kuma ba zan ɓoye ba, kaina yana hayaƙi. Don haka da mutanen Unguwar Hajji suka yanke shawarar ɗora bene a kan ajin Islamiyyar unguwa, ba wanda ya roƙe ni, ni na miƙa hannu na ce lissafin katako nawa ne.

Injiniya ya riga ya bar zane: dekin kankare mai kaurin inci shida, da bim uku, wato ginshiƙan kankare na kwance, da za su ratsa ajin su ɗauke shi. Kafin a zuba kankare sai an yi masa shimfiɗar filawud, an tokare ta daga ƙasa da sanduna har ya bushe. Na auna ajin, ƙafa talatin da biyu tsawo, ashirin da huɗu faɗi. Fallen filawud ƙafa takwas ne da huɗu. Na raba, ya ba ni falle ashirin da huɗu cif, ko ɗigo bai rage ba. Kyan amsar ma ya sa na ja mata layi biyu.

Kafintan da aka ɗauko wani dattijo ne daga Beli, siriri, mai fensir a bayan kunne wanda ban taɓa ganin ya yi rubutu da shi a takarda ba. Na gaishe shi, ya tambayi iyali da ɗalibai, sannan na miƙa masa takardata. Ya juya ta, ya ce, "Malam, nawa ka ce?"

"Ashirin da huɗu, Baba."

"Talatin da biyar."

Na yi murmushin da nake yi wa ɗalibi idan ya kwafsa. Shi kuwa sai ya shimfiɗa takardar a gwiwarsa, ya karya ta a tsakiya ya yi mata kwari kamar komin shayar da shanu, ya sake yin biyu. Takardar ta tsuke ta koma rabi.

"Ina sauran ta tafi?" in ji shi.

Ta shige cikin kwarin. Nan take na gane. Na lissafa rufi kamar tabarma, na manta bim yana saukowa ƙasa da dekin inci goma sha takwas, kuma kowane yana da kumatu biyu da sai an rufe su. Ya bi da ni a hankali. Kumatun bim uku za su ci tsiri goma sha takwas, falle ɗaya tsiri biyu yake bayarwa, falle tara ke nan. Ragowar da ta fita daga kowane falle ita za ta zama gindin bim, kuma guda tara ake bukata, ba ƙari ba ragi. Sai falle biyu da za a tsaga a kewaye bakin dekin don kada kankare ya zube. Mutumin nan ya yanka katakon duka a cikin kansa tun ba a sayo shi ba. Kunya ta kama ni, amma mamaki ya fi ta yawa.

Na yi zaton shi ke nan an sallame ni. Sai ya ce, "Saura sanduna. Kai za ka ƙirga." Ya ba ni ƙa'ida: ƙarƙashin dekin, layi uku a kowane fili tsakanin bim da bim, sanda duk ƙafa uku. Ƙarƙashin bim, duk ƙafa biyu, don nan nauyi yake taruwa. Har na juya ya ƙara da cewa, "Amma ka sani, a wurin maigidana da ya koya mini, wanda ya ƙirga sanduna shi ke zama a ƙasa ranar zubi. Tare za mu zauna."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Ban taɓa yin lissafi irin na wannan yammacin ba. Na fara samun ɗari da talatin da biyu. Da a aji ne da na ja layi na wuce, amma yanzu kaina ne a ƙarƙashin amsar. Na fita tsakar gida na jera tsakuwa a ƙasa, matata tana kallona tana tambaya ko lafiya. Ƙafa ashirin da huɗu a raba uku takwas ne, amma takwas ɗin tazara ce, sandunan tara ne, da na farko da na ƙarshe. Kowane manomi da ya taɓa kafa shinge ya san wannan, ni da takardar shaidata na kusa mantawa. Na gyara: ɗari da takwas na dekin, talatin da tara na bim, ɗari da arba'in da bakwai. Na kuma auna nauyin, na ga kowace sandar dekin za ta ɗauki kimanin buhun siminti shida, ban da mutanen da za su taka a sama.

Da na kai masa, ya ce, "To." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Aka kawo itacen turare daga wajen Fulatan a amalanken shanu. Duk wanda ya karkace dattijon ya jefar da shi gefe. Kowace sanda ya ɗora ta a kan katako don kada ta nutse a ƙasa, ya buga mata weji biyu, 'yan katakai masu tsini na matsewa, a gindi, ya ɗaure su da juna da katako a tsaye da a gicciye. Ajin da na sani ya koma kurmi, sai ka karkata kafaɗa kafin ka wuce.

Ranar zubi gayya aka yi. Tun da hantsi maza suka yi layi da kwanon sarki, mata suna kawo ruwa da kunu. Mu biyu muka shiga ƙasa. Ya ja zare daga bango zuwa bango dab da gindin bim na tsakiya, ya ce in sa ido, idan katako ya sauko ya taɓa zaren in yi magana. Aka fara da bim. Kwanon farko ya faɗi a kanmu kamar an yar da buhu, sannan na biyu, sannan na daina ƙirgawa. Ruwan siminti ya riƙa ɗiga ta haɗin katako yana sauka mini a wuya. Sandunan suka soma ƙara, ƙas, ƙas, nan da can. Wallahi na ji tsoro, har na fara karanta duk abin da ya zo bakina.

Shi kuwa yawo yake a tsakaninsu, yana dafa kowace da tafin hannu. Ya kama hannuna ya ɗora a kan wata. Da safe na girgiza ta ta motsa, yanzu ta ƙame kamar an dasa ta. "Ta karɓi kayanta," in ji shi. Can ya tsaya, ya karkata kunne, ya wuce layi biyu ya sami wata da ba ta ɗauki komai ba, ya ba wejinta guduma biyu. A cikin wannan hayaniyar yadda ya ji ta, har yau ban sani ba.

La'asar ta yi aka gama. Zaren yana nan yadda yake, da 'yar tazararsa. Na fito, na tambaye shi a asirce sanda nawa ya ƙara a kan lissafina, don na tabbata ya ƙara.

"Ko ɗaya," in ji shi. "Na ga tsakuwa a aljihunka ranar da ka kawo amsar."

Kwana ashirin da ɗaya ana yi wa dekin ban ruwa kafin ya yarda a kwance sandunan, ya fara da na fili, ya bar na bim a ƙarshe. Da filawud ya sauka, sai ga shatin kowane falle a jikin rufin, har da zanen jijiyar katakon.

Dattijon ya rasu da jimawa. Ni kuwa daga baya na koyar a wannan ajin da yamma shekara da shekaru, yara sittin a zaune a ƙarƙashin dekin, wasu sittin a sama suna tsalle. Idan yaro ya kawo mini amsa da sauri yana murmushi, ba na duba takardar tukuna. Nakan nuna masa rufin in tambaye shi ko zai yarda ya zauna a ƙarƙashin amsar tasa. Yawancinsu sukan karɓi littafin su koma su sake.