Yashin Tambari

Tun kafin Zamfara ta zama jiha Tambari ke kula da siton maganin ƙwari a Ƙauran Namoda. Duk wata yakan sa leburorinsa gwaji: in magani ya zube, Isah ya tare shi da yashi, Safwan ya tuɓe wanda ya jiƙe ya wanke shi da sabulu, Abbati ya sanar da asibiti a babur.

Ranar da duro ya fashe, Isah ya ruga da shebur, ya tarar ba yashi. Ashe manaja ya kwashe ya shafe katangar gidansa. Maganin ya gangara cikin kududdufin da shanu ke sha.

Tambari aka kora, wai ya yi sakaci. Katangar kuwa tana nan sumul.