Takardar da Garba Mai Inji Ya Liƙe a Roba

Duk wanda ya taɓa kai shinkafa casa a bakin kasuwar Bungudu ya san Malam Garba Mai Inji, ko da kuwa da tari ne. Shekara goma sha tara yana shaƙar ƙaiƙayi a rumfa ɗaya, har gemunsa ya yi fari tun kafin furfura ta iso. Mutum ne mai tsananin adana. Rasidin injin da ya saya tun yana saurayi yana nan, katin asibitin mahaifinsa da ya rasu ma yana nan. Duk takardar da ya ga tana da hatimi, sai ya kai ta shagon masu hoto an liƙe masa ita cikin roba, sannan ta shiga akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Matarsa Balkisu takan ce da zai samu hali, da ita ma ya kai ta an liƙe.

Gonar gadonsu tana can wajen Kekun Waje, amma rabonsa da ita shekara huɗu, tun da hanyar ta zama sai da addu'a. Saboda haka rumfar nan ita ce gonar, ita ce rumbun. Da wani wakilin kamfanin inshora ya zo yana tallar inshorar gobara, 'yan kasuwa suka yi ta dariya, Garba kuwa ya shiga. Ba wai ya fi su wayo ba ne, ya dai ji an ce za a ba shi takarda mai hatimi.

Ana cikin zafin bazara wuta ta tashi daga rumfar mai sayar da fetur da ke maƙwabtaka da shi. Kafin a kashe, injin ya zama baƙin ƙarfe, wayarsa da ke rataye a ciki ta tafi tare da layinta. Kamfani bai yi gardama ba. Suka turo mai ƙiyasta ɓarna, ya auna, ya ɗauki hotuna, ya karɓi rahoton 'yan kwana-kwana. Ruwan farko na sauka wakilin nan ya tare shi a tasha, ya miƙa masa ambulan ta tagar mota, ya ce, "Albishirinka, Malam, an amince!" Mota ta ja.

Garba yana karanta ajami tiryan-tiryan, yana kuma lallaɓa Hausar boko, amma Turanci sai dai ya bi shi da ido. Ya ga sunansa, ya ga adadin kuɗin, ya ga hatimi. Washegari da sassafe takardu biyun da ke cikin ambulan suka sha roba, suka kwanta a akwati.

Sarkin kasuwa ya yi masa kara. Ya ce filin rumfar nasa ne har sabuwar shinkafa ta shigo. In ta shigo babu inji, to dole a ba wani, don mata ba za su riƙa ɗaukar buhu zuwa Gusau ba. Akwai ma wani mutumin Tsafe, Alhaji Mubarak, da ya riga ya zo ya leƙa wurin sau biyu.

Daga nan Garba ya shiga jira. Ya sayi sabon layi, kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya kira wakilin. Amsar ba ta canjawa: "Ai an amince, Malam, kuɗɗin suna bisa hanya." Shi wakilin tallar ce aikinsa, ya ɗauka an gama komai tuntuni. Shi kuma Garba yana jin nauyin ya cika tambaya, kada a ce ya raina mutane. Gero ya yi kai, shinkafa ta fara ɗaukar ciki a fadama, shi yana zaune a gindin bangon da ya ƙone yana amsa jaje. Abin tausayi ne ka ga mutumin da ƙarar inji ta kurumtar yana kasa kunne ga ƙarar waya.

Balkisu ce ta gaji. Ta ce, "Malam, wagga hanya da kuɗɗin nan suka biyo, ko ta Makka ce ai da sun iso. Tashi ka tai Gusau da ƙahwarka."

Ofishin ɗaki biyu ne a saman wani bene. Ma'aikacin da ke kula da biyan diyya, Gideon, haifaffen Sabon Garin Gusau ne, Hausa a bakinsa kamar ta kowa. Ya duba kwamfuta, ya ɗago kai.

"Baba, ai mu muke jiranka. Mun kira layinka har mun gaji. Ina takardar sallama?"

Garba ya zaro ta daga aljihun babbar riga da alfahari, tana ƙyalli. "Ga ta nan, yaro. Ko ƙura ba ta taɓa ta ba tun randa anka ba ni."

Gideon ya juya ta, ya sake juyawa. Sannan ya nuna masa wani layi a ƙasa, fari fat a bayan roba. Ya ce wannan takarda ba ta ajiya ba ce. Nan ne wanda ya shiga inshorar zai sa hannu cewa ya yarda da adadin da aka yanke, shaida ya sa nasa, a rubuta lambar asusun banki, a maido. Sai ta koma hedikwata sannan kwanakin biya suke fara tafiya. Wata uku da rabi ke nan fayil ɗinsa yana kwance, ba a hana shi ba, ba a kuma biya shi ba.

"To a ɓare robar mana," in ji Garba.

Suka gwada ta gefe. Rubutun ya biyo robar. Dole aka nemi sabuwa daga hedikwata, domin ba reshe ke fitar da ita ba. Gideon ya yi iya ƙoƙarinsa, ya rubuta, ya kira a gabansa. Ta iso bayan kwana tara, Garba ya sa hannu, limamin unguwarsu ya yi shaida.

Garba ya ce, "Yaushe kuɗɗin za su shigo?"

"In an yi sauri mako uku. Yana iya kaiwa shida. Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba."

Garba ya ƙirga da yatsu a kan matakalar bene, ya sake ƙirgawa, bai samu yadda yake so ba. Daga ranar ya daina jin nauyin kowa. Litinin da Alhamis yana cikin motar Gusau. Yau a ce fayil yana wurin masu bincike, jibi a ce saura hannun mutum ɗaya kuma ya yi tafiya. Ya roƙi Sarkin kasuwa ƙarin mako biyu, aka ba shi ɗaya. Ranar da ya cika, ya ga amalanken farko na sabuwar shinkafa ya shigo gari, ya juya ya bi ta lungu.

Balkisu tana da 'yar fadamar da ta gada a bakin gulbi, ta ba su buhu biyu a bana. Gida babu abin dafawa, shanshera kuma ba ta shiga tukunya sai an casa ta. Ta rasa wanda za ta aika, shi kuwa ya ce babu komai, ya ɗora buhu a keke.

An share tokar, an kafa sabon kwano. Injin Alhaji Mubarak yana zaune daidai kan dakalin simintin da Garba ya zuba da hannunsa. Matan da ke layi duk ya san su, ya san har irin shinkafar kowace. Suka gaishe shi ƙasa-ƙasa, wata ta matsa ta ce ya wuce gaba. Ya ce a'a, ya bi layi.

Yana tsaye wayar ta motsa a aljihu. Ya ciro, ya ga saƙon banki, kuɗin sun shigo cif, ko kwabo ba a rage ba. Ya daɗe yana kallonsu. Bai ji lokacin da layi ya iso kansa ba, sai da mai injin ya ɗaga murya sama da ƙarar, ya ce, "Baba, ka taɓa kawo casa nan? Buɗe bakin buhun za ka yi, ka zuba ta can."