Takardar Ƙofar Asibiti

Ranar da motar 'yan kasuwar Ɓaɓura ta kife, an liƙa takardar sunaye a ƙofar asibiti. Ba a ja mata layi ko ɗaya ba, tazara ce kawai ta raba suna da gari, ta raba "An kwantar" da "Ya rasu" da aka rubuta a saman takardar. A gaban sunan yayana babu komai sai alama ɗaya can gefe, tsakaninsu fili. Inna ta ce, "Me aka rubuta?" Na ɗora gefen katin asibiti daga kan kalmomin sama zuwa ƙasa. Alamarsa ta faɗo daidai ƙarƙashin "Ya rasu". Na sake gwadawa, nan ta sake faɗowa. Inna ta dubi fuskata, ta fara salati.