Baƙin Tabo a Hoton Illela

Malam Halilu ɗan gidan malamai ne a Sakkwato, amma zama bai taɓa karɓarsa ba. Ya yi karatun allo, ya taɓa elemantare, ya gwada malantar alƙali ya bari, daga baya ya shiga aikin safiyo, wato awon ƙasa. Nan ya daɗe, domin aiki ne na yawo. Matarsa Zulaihatu ta bi shi garuruwa da yawa, kullum a ɗakin aro, har ta daina kwance ƙullin kwanukanta gaba ɗaya.

Bayan babban yaƙi Turawa suka fara aiko jirgin sama yana ɗaukar hoton ƙasa. Wani Baturen safiyo ya koya wa Halilu da abokan aikinsa duba hotunan. Babu launi a cikinsu, daga fari sai baƙi sai toka-toka. Gonaki suna fitowa kamar facin riga, wannan ya fi wancan haske. Hanyar mota farin zare ce miƙaƙƙe, ta ƙafa siririya mai karkace-karkace. Gari kuwa tarin ɗige-ɗige ne, ɗakuna da rumbuna kowanne da 'yar inuwarsa, hanyoyi suna haɗuwa a kansa. Halilu ya kamu da son abin, har yakan manta abinci.

Da rani aka tura shi Illela. Mutane sun yi ta ƙetarowa daga wajen Ƙonni suna raɓe a gidajen 'yan uwa, hakimi kuma ya yarda a yanka musu sabuwar unguwa a bayan gari, ta hanyar Amarawa. Aikin Halilu shi ne ya auna ya kafa turaku. Wurin shimfiɗaɗɗe ne, ga shi kusa da kasuwa. Wakilin hakimi, wani dattijo mai suna Maliki, ya ce a yanka wa Halilu nasa filin a ciki. Da Zulaihatu ta ji, sai ta tashi ta je ta gani da idonta, ta dawo tana faɗin inda za a sa rumbu.

Halilu ya zo da hotunan wurin guda biyu, waɗanda aka ɗauka a jere, kowanne ya hau kan rabin ɗan uwansa da ɗoriya. Ya shimfiɗa na farko a tabarma don ya fitar da layukan unguwa. Ya gano garin, ya gano hanyar motar da ta taho daga Sakkwato, ya bi hanyar Amarawa da yatsa. Daidai inda ya kafa turaku sai ga wani baƙin tabo, sumul, mai siffar ƙoda.

Ya tashi ya fita, ya dawo, ya sake zama. Abu uku ya sani kan yi baƙi haka: inuwar gajimare, ƙonannen daji, ko ruwa. In inuwa ce, za a hangi facin gonaki dishi-dishi a ƙarƙashinta, amma nan babu komai. In ƙuna ce, bakinta kan yi tsage-tsage, hanyoyin ƙafa kuma su ratsa ta. A nan hanyoyin sun zo baki sun kewaye, gonaki ma sun tsaya cak a gefe. Rubutun gefen hoton ya nuna farkon kaka aka ɗauke shi, shekarun baya kaɗan, lokacin ciyawa ba ta bushe ta ƙonu ba. Ya jawo hoto na biyu. Tabon yana nan a wurinsa, sai dai gefensa ɗaya ya yi fari fat. Jirgin ya matsa gaba, hasken rana ya dawo masa daga ƙasa. Ruwa ne ke yin haka.

Zulaihatu tana tankaɗe tana kallonsa. Ta ce, "Malam, mi kaka gani da ya hana ka zama?"

"Ruwa ga filinmu."

"Wane ruwa? Jiya na taka shi, ƙasa ƙeƙasasshiya."

"Jiya rani ne."

Ta ajiye rariya. "Kowane gari munka je, sai ka sami dalilin tashi. Wanga karon hoto ne dalilin?"

Maganar ta soke shi, domin shi kansa bai tabbata ba ko son tafiya ne ke nuna masa ruwa. Ya ɗauki fartanya ya koma filin. Ya tona a tsakiya, ya sami baƙar laka mai tsagewa a ƙarƙashin yashin da iska ta kwaso. Ya haura gabas inda hoton ya nuna gonaki masu haske, ya tona, jigawa ce zalla. Ya tambayi masu wucewa. Wani ya ce ruwa kan kwanta kwana kaɗan ya tafi. Wata tsohuwa mai tallan nono ta ce ta taɓa shayar da shanu a wurin har bayan girbi, amma tun da damina ta yi rauni ba ta sake ganin haka ba. Halilu ya yi ta kai da komo tsakanin tudu da kwari har rana ta yi zafi.

Washegari ya kai hotunan gaban Maliki. Dattijon ya juya su sama da ƙasa bai gane komai ba, sai da Halilu ya ɗora masa yatsa a kan kasuwa, ya ja yatsan har ƙofar gidansa. Maliki ya ƙura wa rufin ɗakinsa ido a hoton, ga shi kamar ƙwayar gero.

Halilu ya ce, "Ranka shi daɗe, duba hanyoyin ga. Kowace ta kauce ma wurin. Mutane ba su kewaye banza. Gara a mai da unguwar tudun gabas."

"Na san ana samun ruwa nan wata shekara," in ji Maliki. "Amma jama'a sun gaji da raɓe. Tudun da kaka faɗi kuma gonakin mutane ne, sai an roƙe su. Ka tabbata bana shina zuwa?"

"Ban tabbata ba. Hoton shekara guda ya nuna. Na dai san inda yaka kwanta in ya zo."

An yi ta zama ana tashi. Daga ƙarshe masu gona suka ba da wani yanki na jigawar, Halilu ya tumɓuke turakunsa ya mayar can. Yawancin baƙin suka bi shi suna gunaguni saboda nisan kasuwa. Wani mahauci, Lawwali, da 'yan uwansa suka ce su dai a kwarin za su gina. Zulaihatu ta yi kwanaki ba ta yi wa mijinta doguwar magana ba, amma da aka fara ginin nasu a tudu, ita ke kai wa magina fura.

Daminar farko ruwa bai kwanta ba. Lawwali kan tsayar da Halilu a kasuwa ya tambaye shi ko ya sayi kwalekwale. Halilu ya rasa sukuni, kowane hadari sai ya fita ya dubi kwarin, ya dawo yana jin kunyar abin da zuciyarsa ke jira. Da aka nemi mai zuwa aiki wajen Argungu, shi ya fara ɗaga hannu. Zulaihatu ta ce a sauka lafiya, ita ta zauna.

A can wani direban babbar mota ya ba shi labari, damina ta biyu: ruwa ya cika kwarin Illela, katangun ƙasa sun jiƙe sun zube, amma ba a rasa rai ba. Halilu ya nemi izini ya biyo motar. Ya tarar Zulaihatu ta sauke iyalin Lawwali a ɗakinsa, awakinsu ɗaure a gindin rumbu. Lawwali ya taso ya gaishe shi, suka yi wa juna jaje, babu wanda ya ta da tsohuwar magana. Halilu ya kwana a zaure, da safe ya tafi wurin Maliki don a nemo wa mutanen fili a tudu.