Tagar Shagon Ɗantala

Uwaisu kafinta yana haɗa bodin wata motar gyaɗa a bayan tashar Jibiya, azahar ta ɗan gota, sai Kalilu direba ya zo ya tsaya a kansa ko sallama babu. Ya ce an fito da Ɗantala mai fenti daga shagonsa, kuma ba ya numfashi. Uwaisu bai tambayi abin da ya same shi ba. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, ƙofar a rufe take? Kalilu ya ce sai da aka sa ƙarfe aka ɓalle ta. Uwaisu ya ajiye guduma, domin da hannunsa ya yi wannan ƙofar.

Bazarar 1957 ce. Ɗantala bai cika arba'in ba.

Tare suka tashi a Magama, gonar iyayensu kan iyaka ɗaya. Ɗantala tun yana ƙarami ba ya ganin bango ya ƙyale, sai ya zana masa wani abu da gawayi, ya sha duka, gobe ya koma. Da motoci suka yawaita tsakanin Maraɗi da Katsina, ya je Kano ya yi shekara biyu wurin wani mai rubutun allo, ya dawo da buroshi uku da gwangwanayen fenti. Uwaisu ya haɗa bodi, Ɗantala ya kwance allunan gaba ya kai shago ya ƙawata su. Yana fentin akwatunan ƙarfe da kekuna kuma. Furen da yake zanawa sananne ne, har ma'aikatan duwan, wato kwastan na can ƙetare, sukan gane motar Jibiya tun daga nesa. Mutum ne mai tsokana, bai taɓa kiran Uwaisu da sunansa ba, sai dai Sarkin Ƙusa.

Abu biyu suka sa ya toshe shagonsa. Shagon yana daf da masu awon gero, kullum mata na sheƙe hatsi a wurin, ƙaiƙayi ya tashi ya manne a ɗanyen fenti, ƙuda su biyo baya. Wata rana wani mai mota ya dawo masa da allo gaban jama'a, ya ce fenti ya biya, ba dambu ba. Ɗantala ya yi dariya tare da kowa, amma abin ya ci masa rai.

Na biyun shi ne fetur, wanda mutanen Maraɗi ke ce wa isansi. Da shi yake tsinka fenti don ya bushe da wuri, da shi yake wanke buroshi da hannu. Ya lura in ya zuba a kwano da safe, kafin la'asar ya ragu ƙwarai, ba wanda ya taɓa. Har ya fara zargin maƙwabci. Daga baya ya gane iska ce ke shanye shi, kuma ranar da aka fi zafi ta fi sha. Sai ya ce to, zai hana iskar shigowa. Ya cike tagar da laka, ya roƙi Uwaisu ya yi masa ƙofar da ko tururuwa ba za ta ratsa ba. Uwaisu ya yi ta, ya bi gefenta da tsohuwar robar taya, har yana nuna wa mutane ita don alfahari.

Fenti kuwa ya yi kyau, yana sheƙi kamar madubi. Mai fentin ne ya fara lalacewa.

Ciwon kai ya zame masa abokin yini. Yakan fito daga shago yana tangaɗi, idanu jajur, har wasu a kasuwa suka fara raɗa cewa ya koyi shan giya a Kano, mutumin da sahun farko bai taɓa wuce shi ba. Wannan ƙaryar Uwaisu bai yafe ta ba har yau. Hannun da ke jan layi ba tare da zare ba ya soma rawa. Matarsa Salmatu ta ce yakan manta abin da ya ce da safe, kuma in ya yi numfashi kusa da ita warin fetur take ji. Maganinsa ɗaya, wanda ya koyo a Kano: ya shanye ƙwaryar nono bayan aiki, wai yana wanke ƙirji.

Kalilu ya yi tuƙi a soja, ya zauna a garejinsu, shi ne ya fara yi masa faɗa. Ya ce feturin da ya ɓace daga kwano bai tafi ko'ina ba, ya zama tururin da ido ba ya gani, fentin da ke bushewa ma shi yake fitarwa. A fili iska ta kwashe shi. A rufaffen ɗaki kuwa taruwa yake, kuma ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Wanda ya shaƙa, daga huhu sai jini, daga jini sai kai, nono kuwa ciki yake zuwa, ba su ma haɗuwa a hanya. Ɗantala ya ce ai ya san hatsarin, shi ya sa ko taba ba ya bari a kunna kusa da shagon. Wuta kaɗai ya sani. Ya ƙara da cewa in ya ɗan jima a ciki warin ma daina jinsa yake.

"Hancinka ne ya gaji, Ɗantala," in ji Kalilu. "Abin yana nan."

Uwaisu yana zaune aka yi wannan magana. Ya ji tsoro, ya ce zai fasa tagar. Ɗantala ya ce bayan Sallah. Bayan Sallah ya ce sai an gama jigilar gyaɗa. Uwaisu kuwa bai iya musu da shi ba tun suna yara, dariya ɗaya Ɗantala zai ba shi ya sauko. Shekara guda suka yi a haka.

Ranar da abin ya faru, akwatuna goma sha biyu ya shafe ciki da waje, ya jera su a shago ƙarƙashin rufin kwano, rana na dukansa. Kwanon fetur a buɗe, tsummokara jiƙe. Da jiri ya ɗebe shi, ga alama ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, domin a kan tabarma aka same shi, hularsa a ajiye gefe, kansa a ƙasa inda tururin ya fi taruwa. Masu fito da shi ma sai da suka zauna a waje suna riƙe kai.

A wurin zaman makoki kowa na cewa kwana ne ya ƙare. Uwaisu bai musa ba, ya san haka ne. Amma ya san aikin fasa tagar nan bai kai tsawon shan fura ba. Mai shagon da Ɗantala ke haya kuma ko kwana bakwai bai bari an yi ba ya fasa ta, don mai goron da zai shiga ya ce ba ya iya zama da warin.

Ana gobe zai rasu, da hantsi, Uwaisu ya je da guduma da kurfi, ya ce yau ba ya jin roƙo. Ya iske Ɗantala a bakin ƙofa yana goge hannu da tsumma, ya rame, leɓensa ya bushe. Masu gero suna ta sheƙa a gefe. Ɗantala ya riƙe masa hannu, ya nuna ƙaiƙayin da ke tashi, ya ce akwatunan amare ne, in suka ɓaci da wane ido zai dubi iyayensu.

Uwaisu ya ce, "Ɗan'uwa, ka dubi kanka mana. Ni kai nake ji, ba akwati ba."

"Na ji, Sarkin Ƙusa. Ka bar ni in shafe su su bushe. Jibi ka zo da gudumarka, ni da kaina zan riƙe maka tsani."

"Jibi fa."

"Jibi, in Allah ya kai mu."